Lissafin albashin wata na 13 ga wanda bai cika shekara ba: inda akawu ke yin kuskure

Da zarar Disamba ta kama, rigima iri ɗaya ce ke tashi a makarantu masu zaman kansu da gidajen mai da masana'antun shinkafa a Gombe: wanda aka ɗauka aiki a tsakiyar shekara, nawa ne rabonsa a albashin wata na 13, wato ƙarin albashin wata guda da ake biya a ƙarshen shekara? Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta wajabta albashin wata na 13 ba, don haka takardar ɗaukar aiki ko ƙa'idar ma'aikata ce alƙali. A karanta ta kafin a taɓa kalkuleta, a ga ko gundarin albashi ta ambata ko har da alawus na gida da na mota.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne ɗaukar albashin Disamba a yi lissafi da shi, alhali an yi wa mutum ƙari a cikin shekara. Ga direba da ya kama aiki ranar 16 ga Afrilu a kan naira 90,000, aka mayar da shi 120,000 daga Oktoba. Afrilu kwana 30 ne, ya yi 15, ya karɓi 45,000. Daga Mayu zuwa Satumba wata biyar, 450,000 ke nan. Wata ukun ƙarshe kuma 360,000. Gaba ɗaya ya karɓi 855,000, a raba gida 12, haƙƙinsa naira 71,250. Akawu mai gaggawa kuwa sai ya ninka 120,000 sau takwas da rabi ya raba 12, ya biya 85,000. An yi rarar 13,750 a kan mutum ɗaya, to ina ga ma'aikata goma? In takarda ta fito fili ta ce da albashin Disamba za a yi, to 85,000 ɗin ne daidai. In ta yi shiru, ni dai abin da mutum ya karɓa a zahiri nake tarawa, domin shi ne lissafin da ba ya cutar da kowa.

```
=SUM(B2:M2)/12
```

Idan albashin kowane wata na cikin layi ɗaya a Excel daga Janairu zuwa Disamba, wannan ya wadatar. Watan da mutum bai fara aiki ba a sa masa sifili.

Kuskure na biyu kuma abin takaici ne, don ko ɗan firamare bai kamata ya yi shi ba. Mutum ya fara aiki 1 ga Afrilu, sai akawu ya cire 4 daga 12 ya rubuta wata takwas. Haba malam! Ƙirga da yatsu mana, Afrilun ma ai ya yi aikinta, wata tara ne. A albashin 90,000, an ba shi 60,000 maimakon 67,500. Naira 7,500 ta tafi daga aljihun wanda wataƙila ba zai iya buɗe baki ya tambaya ba, kuma haƙƙin yana wuyanka. Hanyar gane wannan mai sauƙi ce: gwada lissafinka da wanda ya fara 1 ga Janairu. In ya ba ka wata 11, duk takardar ta lalace.

Wasu kuma sukan raba jimlar da watannin da mutum ya yi a maimakon 12. Wannan matsakaicin albashinsa ne, sai ka ga sabon zuwa ya kamo tsohon ma'aikaci.

Goron Sallah yana da tasa matsalar. Idan daga Sallah zuwa Sallah ake lissafi, tsakaninsu kusan kwana 354 ne, ba 365 ba, shi ya sa Sallah ke matsowa da wajen kwana 11 duk shekara. Goro cikakke 60,000 ne, mai shago ya ɗauki yaro ya yi kwana 177, rabi ke nan cif, 30,000. Aka raba da 365 sai ya koma wajen 29,096. Har wanda ya yi shekarar duka ma sai a ga kamar bai cika ba.

Hutun shekara da ake biya aiki ne, ba a cire shi. Hutun da ba albashi kuwa yakan fita da kansa in an tara abin da aka karɓa. Wanda ya ajiye aiki a Satumba, a duba ko takarda ta shardanta sai yana nan ranar biya, kada a yanke masa hukunci da baki.

Albashin wata na 13 yana shiga harajin albashi, don haka a faɗa wa direban tun farko cewa 71,250 ɗin kafin cire haraji ne, kuma a rubuta shi a layinsa daban cikin takardar albashi.