Kafin ka bar kwangilar zaɓi ta kai ranar ƙarewa

Jama'a, masu taɓa kasuwar Amurka, ku dinga duba irin kwangilar zaɓin da ke hannunku, wato mai ba ku damar saye ko sayarwa a kan farashin da aka tsayar, kafin ta ƙare da yammacin Juma'a.

Ta SPX ba ta da wahala, domin SPX ma'aunin kasuwa ne na S&P 500, babu hajar da za a miƙa maka. A ce ka sayi Call, wato kwangilar damar saye, a kan 5,000, aka rufe lissafi a 5,012. Ratar maki 12 ce, a ninka sau 100, dala 1,200 ta shigo asusunka, magana ta ƙare. Kuma ba mai iya zartar da ita sai ranar ƙarewa.

Ta hannun jarin kamfani kuwa, kaya ake kawowa. Kana riƙe da Call a kan dala 150, kasuwa ta tashi a 150.40, kai kana ganin ribar dala 40 ce. Ina! Ko da santi ɗaya farashi ya haura na kwangilar, ana zartar da ita kai tsaye, sai in ka gaya wa dillalinka ya bari. Litinin ka wayi gari da hannun jari 100, ana binka dala 15,000. In kasuwa ta buɗe a 146, asarar dala 400 ta hau kanka, ban da kuɗin da ka sayi kwangilar. In asusun bai kai ba, dillali na iya sayarwa ba tare da ya tambaye ka ba.

Kwangilar SPY ma, wato asusun jarin da ke bin ma'aunin S&P 500, cikin masu kawo kaya take, kada kamannin suna ya ruɗe ka. Ni dai in ba hannun jarin nake so ba, sayar da kwangilar nake yi tun kafin a tashi kasuwa.