Yadda za a tsara kuɗin aike da kiran waya idan maigida yana aiki a Saudiyya

A Sakkwato, auren wanda ya tafi neman kuɗi Jidda ko Makka ya fi samun tangarɗa ta hanyar da kuɗin cefane ke bi kafin su iso hannun uwargida. Saboda haka daga nan za a fara gyara.

Mataki na farko, a raba kuɗin tun daga can. A ce direba ne a Jidda, iyalinsa suna Mabera, yana turo naira 150,000 duk wata ta asusun ƙaninsa. Ƙanin ya cire, ya kai wa Inna nata, ya ranci kaɗan ya gyara babur da niyyar mayarwa, ya miƙa wa matar 80,000. Ita ba ta san nawa aka turo ba, kunya kuma ba za ta bar ta ta tambayi ƙanin miji ba. Shi maigida yana can yana lissafin 100,000 ta karɓa. Ranar 20 ga wata ta ce shinkafa ta ƙare, sai ya fara tunanin gidansu take kai wa. Babu wanda ya yi niyyar cuta, amma zargi ya riga ya shiga.

Maganin shi ne matar ta buɗe asusun banki da sunanta, alat ya riƙa shigowa wayarta. Na cefane, 100,000, ya faɗa can kai tsaye. Na Inna, 30,000, ya bi ta hannun ƙani. Sauran 20,000 na bulo ko adashi a aje su daban. Ciyar da mata haƙƙinta ne a shari'a, bai kamata ta riƙa karɓarsa kamar mai roƙo ba.

Na biyu, a yanke wa wakili iyaka, wato ƙanin ko duk wanda aka bar wa kula da gida, kuma maigida ne zai faɗa da bakinsa kowa na ji, ko da ta waya ce a buɗe. Wakili zai kula da gini, ya kai yaro asibiti cikin dare, ya tsaya a suna. Ba shi da hurumin tambayar me aka dafa. Izinin fita ma a gama shi tun wuri: asibiti, kasuwa, gidan iyayenta, gaisuwar rasuwa, ta tafi ta sanar daga baya. In ba haka ba, za a wayi gari mace da yaro mai zazzaɓi tana jiran mutumin da ke bakin aiki ya ɗaga waya.

Na uku, a sa ranar aike. Kafili, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki a can, yakan jinkirta albashi, riyal kuma yau sama gobe ƙasa a hannun 'yan canji. Duk wannan mace za ta ɗauka in an gaya mata da wuri. "Wanga wata sai ranar goma, ki karɓi gero wurin mai shago, ni zan biya" ya fi shiru na mako guda, don a cikin shirun nan ne maƙwabta ke fara cewa ai ya yi aure can.

Sai kira. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, ƙarfe tara na dare a Sakkwato sha ɗaya ne a Jidda. Wanda zai fita aiki da asuba ba zai iya hira a lokacin ba, sai ta ga kamar gajiya ya yi da ita. A nemi lokacin da ya yi wa kowa, kamar hantsin Juma'a, tunda yawanci ranar ce hutunsu. A kuma ware kira ɗaya da ba a maganar kuɗi, yara ba sa kusa. Sauran kwanaki saƙon murya ta WhatsApp ya wadatar, ko na minti ɗaya ne, ya ce mata abin da ya ci, ta ce masa haƙorin autansu ya fito.

Idan wani ya kai masa gulma, ita zai fara kira, kafin Inna, kafin wakili. Ya tambaye ta yadda ake tambaya, kada ya zo da hukunci a baki. Ita ma in ta ji zancen kishiya, haka. In kuwa da gaske zai ƙara aure, ta ji daga bakinsa.

Daga ƙarshe a sa watan zuwa gida, a daina "in Allah ya yarda kwanan nan". Mai igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ya nemi hutunsa da bizar fita da dawowa tun da sauran lokaci. Wanda takardunsa suka mutu ya faɗa mata gaskiya, cewa in ya fito da wuya ya koma, su yanke shawara tare. Kuɗi ba sa maye gurbin miji, kuma a mazhabar Malikiyya matar da doguwar tafiya ta cutar da ita tana iya kai ƙara gaban alƙali ko da aike bai taɓa yankewa ba.