Kurakuran sauti da ke kashe katun: taku, sautin wuri da kiɗa

Mai ɗaukar fim da kyamara yana samun wasu sautuka a ɓagas, domin makirufo yana kwaso motsin tufa da iskar wurin ko ba a nema ba. Mai katun ba shi da wannan gatan. Zanensa yana fitowa daga kwamfuta shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, kuma duk abin da kunne zai ji sai an ɗora shi da hannu. Bari mu ɗauki fitowa guda ta daƙiƙa 10 mu bi ta, wato firam 240 idan ana aiki da firam 24 a daƙiƙa. Firam shi ne kowane hoto guda a cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su ba da motsi. Wata yarinya ce ta shiga dogon zaure mai daɓen katako da dare, ta yi taku takwas, ta tsaya, can sai ƙofar da ke gabanta ta buɗe da kanta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a samo sautin taku guda ɗaya a liƙa shi sau takwas. Kunne ba ya yafe wannan. Kafin a kai taku na uku ya gane abu ɗaya ake maimaita masa, sai tafiyar ta koma kamar bugun agogo. Babu mutumin da ke taka ƙasa iri ɗaya sau biyu. A nemi taku daban-daban kamar shida, a cakuɗa su, kada guda ya biyo kansa. In uku kawai aka samu, a riƙa ɗaga ko sauke kaifin kowanne da kamar kashi 3 cikin ɗari, a bambanta ƙarfinsu da desibel ɗaya ko biyu, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Amma ni dai na fi son a naɗa da kai: a sa takalmi a tsaya kan katako, a kunna hoton, a taka tare da yarinyar. Wannan aikin ake kira foli, daga sunan Jack Foley wanda ya yi fice da shi a kamfanin Universal. Amfaninsa shi ne takun zai ɗauki halin mai shi. Yarinyar da ke jin tsoro ba ta dira dunduniya da ƙarfi, kuma takunta na ƙarshe, na tsayawa, yakan zo da ɗan jan ƙafa.

Sai zancen daidaita lokaci. A tafiyar da ba gaggawa, masu zane sukan ba kowane taku firam 12, don haka ƙafar yarinyarmu tana sauka a firam 12, 24, 36, har zuwa 96. Mutane da yawa suna jawo farkon fayil ɗin sautin su ajiye shi a kan firam ɗin, sun manta cewa yawancin fayiloli suna da ɗan shiru a gaba. A faɗaɗa hoton sautin a allo, a nemi inda layin ya yi tsalle sama, wannan tsinin ne za a ɗora a firam ɗin da dunduniya ta fara taɓa ƙasa. In kuwa dole a kauce, gara sauti ya makara da firam ɗaya da ya riga hoto. Dalili kuwa haka muka saba a duniya: sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kullum bayan abin da ido ya gani yake isowa. Shi ya sa mutum yake fara lura da sautin da ya riga hoto tun daga wajen milisakan 45, kusan firam ɗaya ke nan, amma yana haƙuri da wanda ya makara har wajen 125.

Akwai wata matsala da ke rikita sababbin hannu. Takun farko ya zauna daidai, na biyu ma haka, amma ana nisa sai sautin ya riƙa zamewa. Wannan ba laifin hannunka ba ne, ka duba saitin firam. Idan an zana a 24 amma manhajar haɗawa ta karanta hoton a 25, minti ɗaya zai koma daƙiƙa 57.6, ga tazarar fiye da daƙiƙa biyu ta shigo.

Ko takun ya daidaita, in an bar shi busasshe zai ji kamar a bakin makirufo aka yi shi, ba a cikin zauren ba. Dogon zaure yana da amsa-kuwwa. A sa `Reverb` kaɗan, wato abin da ke ƙara wa sauti amsa-kuwwa a manhaja, kuma yayin da yarinyar ke nisa da kyamara a rage ƙarfin takun, a dushe kaifinsa da `EQ`, mai daidaita kaifi da kaurin sauti, a bar amsa-kuwwar ta ɗan rinjaya.

Daga firam 96 zuwa 168 yarinyar tana tsaye, daƙiƙa uku ba motsi. Nan ne mutum yake cewa ai shiru ake so, ya bar wurin ba komai. Shirun kwamfuta ba shirun ɗaki ba ne, mai kallo zai ɗauka sifika ce ta mutu. Kowane wuri yana da numfashinsa, kuma shi ake shimfiɗawa a ƙasa daga farkon fitowar har ƙarshenta, can ƙasa-ƙasa yadda ba a lura da shi sai an cire. A kansa a ɗora abu ɗaya ko biyu masu zuwa jefi-jefi, kamar iska ta taɓa taga ko katako ya yi ɗan ƙara. Kada a yanke wannan shimfiɗar duk lokacin da kyamara ta canza kusurwa, tunda wurin bai canza ba. In kuma an ɗauki guntun daƙiƙa biyar ana maimaitawa, a tabbata babu wani sauti fitacce a ciki, domin kare ɗaya da ya yi haushi sau uku a tazara iri ɗaya ya tona asiri. A haɗa bakin guntayen da `Crossfade`, wato ɗaya yana dushewa ɗaya yana tasowa, don kada a ji ƙas a mahaɗar.

Kiɗa kuma babban laifinsa azarɓaɓi. An sa kiɗan tsoro tun firam na farko, kafin ƙofa ta buɗe mai kallo ya riga ya san abin da ke tafe, ga shi kiɗan ya danne takun da aka sha wahala a kai. A wannan fitowar zan bar taku da numfashin zauren su riƙe daƙiƙa bakwai na farko su kaɗai. Ƙofa ta fara kuka a firam 168, kiɗan ya shigo a hankali wajen 180, bayan mai kallo ya gani da idonsa. A kuma lura da saurin kiɗan. Mai bugu 120 a minti yana faɗuwa duk firam 12, daidai da takun yarinyar, sai ta zama kamar mai fareti. Tsofaffin katun na barkwanci da gangan suke yin haka, har ana kiran salon da sunan Mickey Mouse, amma a wurin tsoro dariya zai jawo.

Kafin a fitar da aikin, a saurare shi a sifikar waya, ba a na'urar kunne kaɗai ba. Ƙaramar sifika ba ta iya fito da sauti mai kauri sosai, don haka takun da nauyinsa duka yake cikin sauti mai kauri zai ɓace. In ya ɓace, a ɗora masa siririn sauti na biyu mai ɗan kaifi, kamar ƙas ɗin dunduniya a kan katako, a firam ɗin da na farkon yake.