Sunan ƙungiyar magoya baya: a gwada shi da kalangu tukuna

'Yan'uwa masu son kafa ƙungiyar goyon bayan kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Kotoko a zangon Kumasi, ga shawarata: kada a rubuta suna a jikin riga sai mai kalangu ya buga shi.

Kalangu muryar magana yake bi, inda ta hau ya hau, inda ta sauka ya sauka. Mu a Aboabo da farko "Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Matasa Masoya Kotoko" muka zaɓa. A takarda ya yi kyau. Da muka je filin Baba Yara, mai ba da waƙa bai kai rabin sunan ba numfashi ya ƙare masa, amshi ya watse, makaɗi ya koma kallonmu. Kuɗin riguna kuwa ya riga ya tafi.

Muka sauya zuwa "Beguwar Zango", tunda beguwa ce tambarin kulob ɗin. Gaɓa biyar kacal, kuma ya rabu biyu: mutum ɗaya ya ce "Beguwa!", jama'a su amsa "Zango!", tafi biyu ya faɗa a kan "zan" da "go". Wasalin ƙarshe ma yana jawuwa, "Zangooo", abin da suna mai ƙarewa da baƙi ba zai ba ku ba.

Kafin a yanke, ku tara mutum goma a ƙofar gida, a maimaita sunan sau ashirin da sauri. In harshe ya fara sarƙewa, a bar shi. Sannan ku kira maƙwabci mai jin Twi ya saurara, don kada sunan ya yi kama da zagi ko abin dariya a kunnen Asante, tunda benci ɗaya za ku zauna da su.