Yadda za ka gane abin da ke rage wa laftof ɗinka gudu in kana buga gem

Ka kunna gem, minti biyu na farko komai sumul, can sai ta fara ciccijewa, kai kuma ka ce ai a kwali an rubuta 4.5 GHz. To lambar nan ba alkawari ba ce, iyakar gudun da furosesa za ta iya taɓawa ce in da hali.

Mu ɗauki Core i7-9750H da ke cikin laftof ɗin gem da yawa na hannu. Gudunta na tushe 2.6 GHz, tana da kwa shida, wato ƙananan injinan da ke raba aiki a cikinta, 4.5 ɗin kuma sai in kwa ɗaya ke aiki, in duka shidan sun ɗau kaya 4.0 ne ƙarshe. Shi ma sai wuta da sanyi sun yarda. Intel ta sa iyaka biyu: PL2 ita ce wutar da za ta sha na ɗan lokaci, yawanci kamar sakan 28, daga nan ta dawo PL1 wadda galibi wat 45 ce sai in kamfanin laftof ɗin ya canza. Zafi kuma a digiri 100 take taka burki da kanta.

Da farko ka jona caja, ta asali fa, don a batir ko ƙaramar caja dama an riga an danne ta. Sai ka sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi da wutar da furosesa ke sha, ka buɗe da Sensors-only, ka bar shi a baya ka buga gem minti 20, kar ka yi hukunci da minti biyu, lokacin ƙarfen sanyaya bai gama ɗaukar zafi ba.

In ka fito ka duba CPU Package Power da zafin, da layukan nan biyu, Core Thermal Throttling da Power Limit Exceeded.

In zafi ya kai 95 zuwa 100 kuma na farkon ya nuna Yes, zafi ne. A buɗe laftof ɗin a share ƙurar hunturu da ta toshe fanka, a canza man nan da ake shafawa kan furosesa, ka ɗaga bayanta daga tebur, ka daina ɗora ta kan katifa don Allah. A zafin Afrilu ɗakin kansa kamar tanda yake, fankar ma iska mai zafi take ja, shi ya sa da azahar ta fi yi maka tsiya.

Amma in zafi yana wajen 80, wutar ta tsaya cak a 45 kamar an ja layi, na biyun ne ke nuna Yes, to iyakar wuta ce, ko ka canza mai sau goma ba abin da zai ƙaru. Nan sai ka leƙa manhajar kamfanin laftof ɗin ka mayar da ita yanayin aiki mai ƙarfi, wasu kan ɗaga PL1 a nan, sai dai fanka za ta yi ta ihu. Ka sake buga minti 20 ɗin ka kwatanta lambobin.