Kurakuran da ɗaliban Fiziks ke maimaitawa a kan sauri da belositi

Na gaji da ganin ɗalibai suna zubar da maki a kan tambayar da ba ta fi ƙarfinsu ba, kuma tushen matsalar ɗaya ne: sun ɗauka tsawon hanyar da aka bi daidai yake da tazarar da aka gusa daga mafari. Idan yaro ya yi kilomita 3 zuwa gabas, sannan ya karya kwana ya yi kilomita 4 zuwa arewa, nisan da ƙafarsa ta taka kilomita 7 ne. Amma gusawarsa, wato miƙaƙƙen layi daga inda ya tashi zuwa inda ya tsaya, wadda littattafai ke kira disfilesmen, kilomita 5 ce bisa ƙa'idar Pythagoras, kuma sai an faɗi ɓangaren da ta dosa. Sauri nisa ne a raba da lokaci, belositi kuwa gusawa ce a raba da lokaci.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ya sha kayar da ɗalibaina masu ƙwazo, shi ne na matsakaicin sauri. A ce direba ya yi tafiyar kilomita 120 yana gudun kilomita 60 a awa, ya dawo yana gudun 40. Nan take ɗalibi zai haɗa 60 da 40, ya raba biyu, ya rubuta 50. Haba! Wa ya ce maka lokacin zuwa da na dawowa ɗaya ne? Zuwa ya ci awa 2, dawowa ta ci awa 3, don haka motar ta fi daɗewa tana tafiyar sannu, dole amsar ta karkata wajen 40. Jimillar nisa kilomita 240 ce, jimillar lokaci awa 5, matsakaicin sauri kilomita 48 a awa. Mai shirya jarrabawa ya san wannan gaggawar taku, shi ya sa zai iya ajiye muku 50 cikin zaɓuɓɓuka. Idan kuwa matsakaicin belositi aka tambaya, amsar sifili ce, domin direban ya koma tashar da ya baro.

Ni dai ba na barin ɗalibi ya taɓa kalkuleta sai ya zana hanyar, ya sa ɗigo a mafari da ɗigo a ƙarshe, ya haɗa su da kibiya, sannan ya rubuta lokacin kowane zango a gefensa.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Motar da ke zagaya shataletale da sauri iri ɗaya belositinta yana canzawa, tun da gabanta yana juyawa. Alamar ragi a gaban belositi ba ta nufin rage gudu, tana nuna an fuskanci kishiyar ɓangaren da ka zaɓa. Kuma kafin ka haɗa km/h da daƙiƙoƙi, raba shi da 3.6: 72 km/h ya zama 20 m/s.