Yadda na gyara wasikar neman katin rangwamen kudin mota na dalibai

Alhamdu lillahi, katin ya fito. Ofishin sufuri ya yi ta dawo mini da wasikata da tambarin "takardu ba su cika ba", alhali na hada komai. Na zaci hoton fasfo ne, na sake dauka. Na sake kwafin katin makaranta mai kala. Duk a banza.

Ashe matsalar biyu ce. Takardar shiga makaranta ba ta nuna cewa ina karatu a bana, kuma wasikar ba ta fadi abin da ke makale da ita ba, sai ma'aikaci ya yi ta lalube.

Na je ofishin rajistara na karbo takardar shaidar dalibta ta zangon da muke ciki, mai sa hannu da hatimi. Sannan na sake rubuta wasikar: sunana yadda yake a katin makaranta harafi da harafi, lambar rajista, sashe, da hanyar da nake bi kullum daga unguwarmu zuwa makaranta. Kasan sa hannuna na rubuta "Takardun da aka makala", na jera su da lamba: shaidar dalibta, kwafin katin makaranta gaba da baya, rasidin kudin makaranta na bana, hotunan fasfo biyu. Kowace takarda na rubuta lambarta da fensir a kusurwar sama, na jera su bi da bi.

Na kai da kwafi biyu, aka buga mini tambarin karba a daya na rike. Na gode wa malamar rajista da ta ankarar da ni.